Yadda sanarwar saukar Islamiyyarmu ta tashi daga guruf ta koma jikin allo

Sanarwar da aka turo a guruf da wadda aka manna a bango ba abu ɗaya ba ne, ko da maganar ɗaya suke ɗauke da ita. A guruf in ba ka gane ba sai ka tambaya, wani ya ba ka amsa, ko ka ja sama ka ga abin da aka faɗa jiya. Wanda ya tsaya a gaban allon sanarwa kuwa ba shi da wanda zai tambaya, takardar nan ita ce malamin, ita ce ma'ajin, abin da ta faɗa shi zai tafi da shi gida. Shi ya sa nake cewa yawancin aikin ba a kwamfuta yake ba, wajen tantance gaskiyar maganar yake. Ga yadda ta kasance da sanarwar walimar sauka a Islamiyyar unguwarmu, inda nake riƙe da sakatariyar kwamitin iyaye. Na cire sunan makarantar da na mutane da lambobin waya.

Ranar Lahadi 1 ga Disamba 2024 da daddare shugaban makaranta ya turo wannan a guruf ɗin iyaye na WhatsApp, kamar yadda ya rubuta:

"Slm iyayen yara barkanmu da dare da fatan kowa yana lfy ya iyali ya sanyi. Bayan haka muna sanar daku insha Allah *walimar saukar dalibanmu* zata kasance asabar ta sama karfe tara na safe a harabar makaranta sannan iyayen masu sauka kowa zai bada 5000 kudin allo da satifiket da kujeru dan Allah a kawo kafin karshen sati dan bama son abinda ya faru bara ya sake faruwa wasu sai ranar suke kawowa. gwaji alhamis bayan laasar. manyan baki zasu zo a kiyaye lokaci. ngd"

Ga wanda yake cikin guruf a daren, saƙon nan ba shi da wani aibu. Matsalar ita ce abin da ya biyo baya. Kafin wayewar gari saƙonni sun yi ta zuba, yawanci "Allah ya kaimu" da "Masha Allah" da sitika, a tsakiyarsu kuma akwai guda huɗu da suka canza maganar gaba ɗaya. Ma'aji ya turo lambar akawun. Can kuma sai ya sake turo saƙon murya yana cewa kuɗin ya koma dubu shida da ɗari biyar saboda hayar kanofi, amma mai yara biyu ko fiye dubu biyar-biyar zai bayar. Mataimakin shugaba ya rubuta cewa harabar ba za ta ɗauki jama'a ba, an koma filin firamaren da ke bayan makaranta. Sannan wata baiwar Allah, da kyakkyawar niyya, ta turo sanarwar saukar bara wadda ta ajiye a wayarta, da wata rana daban da wani kuɗi daban, wasu har sun fara mata godiya.

Ranar Talata Malam, wato shugaban makarantar, ya kira ni ya ce, "Malam Sakatare, don Allah a fitar mana da sanarwar nan a takarda a manna a allo, iyaye da yawa ba sa guruf." To wace sanarwar? In na kwafi tasa ta farko na buga, na buga tsohon wuri da tsohon kuɗi kenan, kuma na buga su da manyan baƙaƙe.

Don haka ban buɗe kwamfuta ba tukuna. Biro na ɗauka da fallen takarda, na rubuta tambayoyin da uba ko uwa za su zo da su gaban allo: mene ne za a yi, wace rana, ƙarfe nawa, a ina, wa ya shafa, nawa ne, zuwa yaushe, wa za a ba. Sai na bi guruf ɗin daga saƙon Malam har ƙasa, duk inda na ga amsar ɗaya daga ciki in rubuta ta tare da wanda ya faɗa da lokacin da ya faɗa. Saƙon murya sai ka saurare shi har ƙarshe, kar ka yi saurin tsallakewa, don maganar rangwamen masu yara biyu a can ƙarshe ma'aji ya faɗe ta bayan doguwar gaisuwa, kuma in ka nemi kalmar "kudi" da madubin bincike na guruf ba zai taɓa nuna maka ita ba, rubutu kawai yake gani. Da na gama sai ga shi wuri yana da amsa biyu, kuɗi yana da uku in ka haɗa da na bara, rana kuma ba ta da lamba ko ɗaya.

Maganar rana ita ce wadda na fi so a kula da ita. "Asabar ta sama" magana ce da take da ma'ana a ranar da aka faɗe ta kawai. Daga Lahadi 1 ga wata, Asabar mai zuwa ita ce 7, ta sama ita ce 14. Amma takarda a bango kwana da kwanaki za ta yi, wanda ya karanta ta ranar Litinin 9 ga wata zai lissafa ta sama ta zama 21, ya zo bayan an nannaɗe tabarma da sati guda. Haka "gobe", "jibi", "gata", "wannan satin", duk ba su da wurin zama a allo. "Ƙarshen sati" ma ya fi su rikici, domin a wajen Malam sati ranar Laraba yake ƙarewa tunda Alhamis da Juma'a ba a karatu, ma'aikacin gwamnati zai ɗauka Juma'a, ɗan kasuwa ya ɗauka Asabar ko Lahadi, kowa kuma da gaskiyarsa. Sai "gwaji Alhamis", alhali akwai Alhamis biyu kafin saukar, 5 ga wata da 12.

Wannan duk ba ni zan yanke ba, kuma nan ne masu buga sanarwa suke shiga hurumin da ba nasu ba, mutum ya ga amsa biyu ya zaɓi wadda ta fi masa kama da gaskiya, ko ya ce ai ta ƙarshe ita ce daidai. Ba lallai ba. Mataimaki ya ce an koma filin firamare, amma shawara ce ya kawo ko an riga an samu izinin filin? Daga rubutunsa ba za ka gane ba. Na ɗauki takardata na je ofis na zauna da Malam, na ce, "Allah ya gafarta Malam, abu biyar nake so a tabbatar min kafin in buga." Na karanto masa ɗaya bayan ɗaya. Sauka Asabar 14 ga Disamba. Fili an samu izini, can za a yi. Kuɗi yadda ma'aji ya faɗa a murya. Wa'adin biya da Laraba 4 ga wata yake nufi, amma tunda kuɗin ya ƙaru ya ce a kai shi Lahadi 8. Gwaji Alhamis 12. Ka ga wa'adin nan na 8 ga wata babu shi a guruf kwata-kwata, a wannan zaman aka haife shi, da na tsaya kan abin da ke waya da ba zan same shi ba.

Na kuma tambaye shi ko a saka kwanan watan Musulunci. Muka tsaya a kan a bar shi, saboda kalandar bango da ganin watan da fadar Sarkin Musulmi take sanarwa wani lokaci suna saɓawa da kwana ɗaya, in ka rubuta ranaku biyu da ba su dace ba ka buɗe wata ƙofar musu. In za a saka shi to a tabbatar da lissafin da garin yake bi a wannan watan. Abin da ba na bari shi ne sunan rana tare da lamba, "Asabar 14 ga Disamba 2024", kuma sai na buɗe kalandar waya na ga da idona cewa 14 ɗin Asabar ce. Watan ma da sunansa nake rubutawa, ban yarda da 14/12 ko 8/12 ba, wanda ya saba da wayar da take fara kawo wata zai iya karanta 8/12 a matsayin 12 ga Agusta. Lokaci kuwa na haɗa biyun, "bayan La'asar, ƙarfe 4:30", don mutanenmu da salla suke auna yamma amma "bayan La'asar" kaɗai tana iya kaiwa har gab da Magariba.

Sai abin da za a zubar. Gaisuwar dare da tambayar sanyi sun tafi, sallama ɗaya ta isa. Maganar "abin da ya faru bara" ita ma na cire, kuma na gaya wa Malam dalili: a guruf tsakaninmu ne, ƙorafi ne na cikin gida, amma a bango duk mai wucewa zai karanta, waɗanda suka makara bara kuma sun san kansu, ba sai an tona su ba. Wa'adi da aka rubuta a fili yana yin aikin da ƙorafin yake son yi. Insha Allah kuwa tana nan daram, ba ado ba ce a wajenmu.

Lambar akawun mun ɗan yi ja-in-ja a kanta da ma'aji, shi yana ganin sauƙi ne ga iyaye. Ni abin da na hango shi ne allonmu a baranda yake, ba gilashi ba kwaɗo, lambar akawun kuma lambobi goma ce, wanda ya so ɓarna biro kawai yake buƙata ya mayar da 1 ta zama 7, ko ya liƙa wata ƴar takarda a kai, kuma ko ba mugunta yaro ma zai iya. Muka tsaya a kan a biya a ofis a karɓi rasit, mai son tiransifa ya karɓi lambar a hannun ma'aji. Lambar waya ɗaya tak muka saka, ta ofis, ba ta wani malami ba, balle ta malama. In ma dole sai an saka ta mutum to a tambaye shi tukuna, don yarda a saka lambarka a guruf ba yarda ba ce a manna ta a titi.

Yanzu aka zo kwamfuta. Shawarata ga gajeriyar sanarwa irin wannan, sake taifin ɗinta daga takardarka ya fi kwafowa daga waya sauri da tsabta. In ka zaɓi saƙonni da yawa ka kwafa a WhatsApp, kowanne yana zuwa da kwanan wata da lokaci da sunan mai turowa a gabansa, wanda ba ka ajiye sunansa ba kuma lambar wayarsa ce za ta fito, ka ga an koma gidan jiya. Taurarin nan da Malam ya sa a gefen "walimar saukar dalibanmu" su ne suke sa rubutu ya yi kauri a waya, amma a Word taurari ne kawai tsirara, haka alamar _ da ~. In dai sai ka kwafo, kamar jerin sunayen ɗalibai masu yawa, to ka liƙa da Keep Text Only, sannan ka danna Ctrl+H ka sa * a Find what ka bar Replace with ba komai ka danna Replace All, ka dai tabbata Use wildcards ba a kunne yake ba. Ƴan hotunan nan na fuska da furanni a goge su duka, a firinta baƙi da fari ko dai su fito dusu-dusu ko su zama akwati.

Haruffa masu ƙugiya dole a mayar da su. A waya mun saba rubuta "manyan baki" kowa ya gane, amma a takardar makarantar da ake koyar da yara karatu, "baƙi" ya kamata a gani. In kibod ɗin ba shi da su, a Word na Windows sai ka rubuta lambar harafin ka danna Alt+X nan take ta rikiɗe:

```
0253 ɓ   0181 Ɓ
0257 ɗ   018A Ɗ
0199 ƙ   0198 Ƙ
01B4 ƴ   01B3 Ƴ
20A6 ₦
```

Abu ɗaya da yake ba mutane wahala a nan, in harafin da ke gaban lambar yana cikin a zuwa f ne, kamar a "baƙi" inda a take gaban ƙ, Word yana haɗa shi da lambar ya fitar da wani abu daban. Maganinsa ka zaɓi lambobin huɗu kawai kafin ka danna, ko ka yi harafin sau ɗaya a gefe ka riƙa kwafowa. Sannan ba kowane salon rubutu ne yake da waɗannan haruffa ba, musamman masu kwalliyar nan na katin biki. Yadda za ka gane, ka dubi ƙ ɗin da kyau, in ta fi sauran siranta ko tsayinta ya bambanta to aro kwamfutar ta yi daga wani salon, in akwati ka gani kuwa babu ita sam. Arial da Times New Roman na kwamfutocin yanzu suna da su, haka Noto Sans da Andika.

Ga abin da ya fito:

SANARWA: WALIMAR SAUKAR ALƘUR'ANI

Assalamu alaikum. Makaranta tana gayyatar iyaye da jama'ar unguwa, insha Allah:

Rana: Asabar 14 ga Disamba 2024
Lokaci: ƙarfe 9:00 na safe
Wuri: filin firamare da ke bayan makaranta (ba harabar makaranta ba)

Ga iyayen masu sauka kawai
Kuɗin allo, satifiket, kujeru da kanofi: ₦6,500
Mai yara biyu ko fiye: ₦5,000 kowane yaro
Ranar ƙarshe ta biya: Lahadi 8 ga Disamba 2024
A biya a ofis, a karɓi rasit
Gwaji: Alhamis 12 ga Disamba 2024, bayan La'asar, ƙarfe 4:30

Sa hannu: Shugaban Makaranta
An fitar: Talata 3 ga Disamba 2024

Akwai ƙananan abubuwa a ciki da gangan aka yi su. "Ba harabar makaranta ba" na saka ne don waɗanda suka riga suka ji tsohon wurin a bakin wani, in ba ka ambaci tsohon ba za su ɗauka takardar ce ta yi kuskure. Layin "Ga iyayen masu sauka kawai" shi ya raba masu karatu gida biyu, ba don shi ba uban ɗan aji ɗaya zai ga ₦6,500 gabansa ya faɗi. "Kowane yaro" kuma na ƙara ne saboda "biyar-biyar" da ma'aji ya faɗa a baki, in ka rubuta ₦5,000 kawai mai yara biyu zai kawo dubu biyar ya ce haka aka rubuta, alhali dubu goma ake nufi. Kwanan fitarwa da sa hannu da hatimin makaranta su ne suke bambanta ta da irin sanarwar barar nan da aka turo, duk wanda ya gani ya san ta bana ce kuma ya san daga inda ta fito.

Wajen girma, takardar A4 ce a tsaye, faɗinta milimita 210 tsawonta 297, fallen ɗaya ba biyu ba, don shafi na biyu ko ya faɗi ko a ƙi ɗaga shi. Kan maganar na ba shi 44 mai kauri ya zauna a layi biyu, rana da lokaci da wuri 28, sauran 20, na ƙasa 14. Girman 12 da muke rubuta wasiƙa da shi na karatu a hannu ne, a bango sai mutum ya kai hancinsa. In abin ya ƙi shiga shafi ɗaya, magana za ka rage ba girman rubutu ba. Kauri na ba kan magana da rana da kuɗi kawai, in komai ya yi kauri ido ba ya sanin inda zai fara sauka, kuma manyan baƙaƙe zalla a kan magana kaɗai, jimla doguwa da su tana gajiyar da mai karatu. Na jera komai daga hagu, na bar fili tsakanin kashi biyun, na kuma bar gefe kamar santimita biyu saboda fin da salatif kar su ci rubutu.

Kafin in kai shagon firintin na ajiye ta a PDF. Wannan matakin kar a tsallake shi, don in ka kai fayil ɗin Word kwamfutar shagon ba ta da salon rubutunka sai ta sauya da nata, layuka su goce, ƙugiyoyi su lalace, sa hannu ya tsallaka shafi na biyu. Na ce a buga da firintar leza, irin mai hoda, saboda tawadar ruwa raɓa kaɗan ko yayyafi sai ta zube. Kwafi ɗaya aka fara bugawa, na manna a bango na ja baya kamar taku huɗu, kan maganar da ranar suna karantuwa. Sai na miƙa wa maigadin makaranta, wanda ba ya guruf kuma bai ji komai ba, na ce, "Baba, don Allah karanta ka gaya min, in kana da yara biyu masu sauka nawa za ka kawo, kuma yaushe?" Ya duba ya ce dubu goma, kafin Lahadi. Sai ya tambaye ni, mata fa, wuri ɗaya za a zauna? Babu wanda ya ta da wannan a guruf, mu da muke ciki duk mun ɗauka sananne ne. Na koma wajen Malam, aka ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin wuri: "Akwai ɓangaren mata daban."

Biyu muka fitar a ƙarshe. Cikakkiyar tana allon baranda, a daidai idon babba yana tsaye, an cire tsofaffin takardun da suka cika wurin. Wadda aka kai ƙofar makaranta da allon masallaci kuwa kashin sama ne kawai, gayyata ba maganar kuɗi, a cikin leda mai haske bakinta yana kallon ƙasa don ƙurar hunturu da raɓa. Na ɗauki hoton cikakkiyar na mayar guruf, admin ya maƙala ta a sama da Pin, aka rubuta a ƙasa cewa wannan ta shafe duk abin da aka faɗa a baya. Iyayen da ba sa karanta boko kuma takarda ba ta isar musu, don haka aka ba ladan kwafi ya karanta bayan sallar Magariba, yara masu sauka kuma kowa aka ba shi ƙaramin kwafi ya kai gida.

Mun kuma yi yarjejeniya da Malam cewa in wani abu ya sake canzawa ba za a soke da biro a rubuta a gefe ba, tunda gyaran biro kowa zai iya yinsa kuma mai karatu ba shi da hanyar sanin na ofis ne. Sabuwa za a buga da kalmar GYARA a sama da sabon kwanan fitarwa da hatimi, a cire tsohuwar a duk wuraren uku a rana ɗaya, a sauya hoton da ke guruf.